Me za mu kira jadawalin nan na gwada magana biyu?

Malama Hadiza: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina rubuta darasin manɗiƙi da Hausa, na iso inda ake jera T da F, wato gaskiya da ƙarya, a ƙarƙashin maganganun da ake kira p da q don a gano ko haɗaɗɗun magana biyu abu ɗaya suke faɗa. Fassarar da ta fara zuwa mini ita ce "teburin gaskiya", amma ba ta kwanta mini ba. Da na faɗe ta a aji, wata ɗaliba ta ɗauka duk abin da aka rubuta a ciki gaskiya ne. Sannan idan magana biyu sun dace, na ce "daidai suke", sai yara su ji kamar na ce babu kuskure a cikinsu. A taimaka da suna biyu ɗin nan.

Nasiru: Malama, "allon tantance gaskiya" ya yi. Ai aikinsa ke nan, a sa magana a ciki a ga gaskiya ce ko ƙarya.

Malam Bello: Nasiru, a nan gizo ke saƙa. Jadawalin bai san ko p gaskiya ce ba, bai ma damu ya sani ba. Jera duk halin da zai iya aukuwa yake yi, ya nuna hukuncin babbar maganar a kowanne. Shi ya sa na fi son "jadawalin gaskiya da ƙarya", don kada ƙarya ta ɓace daga sunan alhali tana da gurbinta a ciki. Ga misali. A ce p ita ce "ƙofa a kulle take", q kuma "fitila a kunne take". Wani ya ce: ba gaskiya ba ne cewa ƙofa a kulle take kuma fitila a kunne take. Me ya ce ke nan?

Nasiru: Ya ce ƙofa a buɗe take kuma fitila a kashe. Na gwada: idan duka biyun gaskiya ne, maganarsa da tawa duk ƙarya. Idan duka ƙarya ne, tasa da tawa duk gaskiya. Sun dace.

Malam Bello: Layi biyu ka duba, kuma lissafinka a kansu ya yi. Amma layukan huɗu ne, domin p tana da hali biyu, kowanne kuma yana haɗuwa da halin q biyu. Zan sa G madadin gaskiya, Ƙ madadin ƙarya; alamar ∧ tana nufin "kuma", ∨ tana nufin "ko", ¬ kuwa musa magana take yi:

```
p q | p∧q | ¬(p∧q) | ¬p∧¬q | ¬p∨¬q
G G |  G  |   Ƙ    |   Ƙ   |   Ƙ
G Ƙ |  Ƙ  |   G    |   Ƙ   |   G
Ƙ G |  Ƙ  |   G    |   Ƙ   |   G
Ƙ Ƙ |  Ƙ  |   G    |   G   |   G
```

Dubi layi na biyu: ƙofa a kulle, fitila a kashe. Mutumin nan bai yi ƙarya ba, tunda abin da ya musa shi ne haɗuwar biyun, kuma ba su haɗu ba. Taka maganar kuwa ta faɗi, domin ka ce ƙofa a buɗe take. Layi ɗaya tak da ya saɓa ya isa ya raba su. Wadda ke tafiya da ¬(p∧q) daga sama har ƙasa ita ce ¬p∨¬q: ƙofa a buɗe take ko fitila a kashe take. Wannan ɗaya ce daga dokokin De Morgan. Sai dai a kula, "ko" ɗin nan ya haɗa har da faruwar duka biyun, dalilin G ɗin layi na huɗu ke nan.

Nasiru: Na gani. Layukan tsakiya ne suka kayar da ni.

Alaramma Sani: A karatun manɗiƙi na zaure, maganar da ke iya zama gaskiya ko ƙarya ƙadiyya muke ce mata, biyun da ba sa rabuwa kuwa akwai talazumi tsakaninsu. Me zai hana a ɗauki wannan?

Malama Hadiza: Allah ya gafarta Malam, kalmar ta yi ma'ana, sai dai ɗalibaina ba su taɓa jin ta ba, sai na sake fassara ta. Abin da Malam Bello ya ce ya ba ni haske: "masu hukunci ɗaya". Wato ¬(p∧q) da ¬p∨¬q hukuncinsu ɗaya ne a kowane layi, har a layin farko inda duk biyun ƙarya ne. Haka yaro ba zai ƙara jin "daidai" ya zaci yabo ba ne.

Malam Bello: Ya yi mini, muddin ba a yar da "a kowane layi" ba. Idan maganganun sun zama uku, layuka takwas ne, a nan yara suka fi tsallake wani.

Zainab: Na karɓi jadawalin gaskiya da ƙarya, ko da ya yi tsawo. G da Ƙ ne ban yarda da su ba. A littafi da jarrabawa T da F za su tarar, a kwamfuta kuma 1 da 0.

Malama Hadiza: Wannan kam ban yanke ba tukuna. Gobe zan rubuta jadawalin sau biyu a allo, ɗaya da G da Ƙ, ɗaya da T da F, in ga wanda suka fi cikawa ba kuskure.