Falle nawa na kwano zai rufe ginin nan?

Baban Hauwa: Assalamu alaikum jama'a. Ginin nan ya kai rufi. Tsawonsa mita 9, faɗinsa mita 6, rufin mai gangare biyu ne. Na lissafa murabba'in mita 54, na raba da girman falle ɗaya, mita 1.8 a santimita 75, sai na samu falle 40, wato bandir biyu. Kafinta kuma ya ce in sayo bandir biyar. A ina sauran ukun za su shiga?

Sani Direba: Wa alaikumus salam. Ƙara kashi goma cikin ɗari saboda gangare, shi ke nan. Haka na yi a nawa.

Malam Injiniya: Baban Hauwa, daɓen ɗaki ka auna, kwano kuwa a kan gangare yake kwanciya, ya zarce bango, kuma kowane falle yana hawa kan ɗan'uwansa. Faɗa mini abu uku. Daga saman bango zuwa ƙolin rufi mita nawa ne? Rufin zai zarce bango da nawa? Sannan ka shimfiɗa falle biyu a ƙasa, ka ɗora ɗaya kan ɗaya da tudu ɗaya da rabi, ka auna faɗin da ya rage a fili.

Hajiya Maman Sadiq: Ni dai da za ka ji tawa, ka yi dogon kwano na alminiyam, a yanko maka daidai tsawon rufinka, babu haɗi a tsakiya.

Sani Direba: Hajiya, ai mutumin ya riga ya zaɓi kwanonsa, adadi yake nema.

Baban Hauwa: Malam, na auno. Ƙoli mita 1.5 ne. Gaba da baya zai zarce da santimita 60, gefe da gefe santimita 50. Da na ɗora fallen biyu, santimita 64 ya rage.

Malam Injiniya: Madalla. Mu fara da gangaren. Daga bango zuwa tsakiyar gini mita 3 ne, hawan kuma 1.5, don haka tsawon rafta √(3² + 1.5²) = 3.35. In ba ka son lissafin, zana shi a ƙasa da igiya, mita 3 a kwance, 1.5 a tsaye, ka auna tsakanin bakin biyu da tef, abin da za ka samu ke nan. Wato duk mita ɗaya a kwance ya zama kusan 1.12 a gangare. Zarcewar nan ta santimita 60 ita ma a gangare take sauka, ta zama 67. Ka ƙara santimita 5 da kwanon zai leƙo don ruwa ya zuba nesa da katako. Daga ƙoli zuwa baki kana da kusan mita 4.08.

Falle biyu in an jera su ba sa ba da mita 3.6, domin na sama zai hau na ƙasa da akalla santimita 15. Abin da suke rufewa 3.45 ne, bai kai ba. Dole a yi jeri na uku.

Ta tsawo kuma rufin mita 10 ne. Raba 10 da 0.64, ya ba ka 15.6, falle 16 ke nan a kowane jeri. Jeri uku, gefe biyu, falle 96. Ka ga inda kafintanka ya samo bandir biyar, ba cutarka ya yi niyya ba.

Sani Direba: To ai kashi goman da na faɗa kusan daidai ne, tunda 1.12 ya fito.

Malam Injiniya: A kan gangare kaɗai ka kusa, Sani. Amma 40 da kashi goma 44 ne. Haɗi da zarcewa sun fi gangaren cin kwano a rufin nan.

Alhaji Tanko: Bari in ba ku nawa labarin, don har yau in na tuna raina ɓaci yake. Irin lissafin Baban Hauwa na yi, kwano ya kasa ana tsakiyar aiki. Maimakon mai aikin ya ce mini in ƙaro, sai ya shiga jan kwanon. Gefe ya mayar da shi tudu ɗaya, haɗin sama da ƙasa bai fi inci uku ba, ga rufin nawa dama kwantacce ne. Daga ƙasa ba ka ganin komai, ya yi kyau abinsa. Ruwan farko mai iska, sai ga tabo a silin, a jere cikin layi ɗaya tun daga wannan bango har wancan. Na ɗauka ƙusa ce, na sa aka bi kan ƙusoshi da kwalta, bai daina ba. Sai da wani ya hau ya nuna mini cewa layin tabon daidai yake da inda fallayen suka haɗu, iska ce ke tura ruwa ya koma sama ta ƙarƙashin haɗin. Kuma an fara jera kwanon daga ɓangaren da iskar ruwa ke tasowa, bakin kowane haɗi ya buɗe yana kallonta. Sai da aka ɓamɓare gefe guda, fallayen da aka cire duk sun yi huji ba su moru ba, silin ma sabo na sa. Baban Hauwa, don Allah ranar da za a buga ka tsaya a wurin da tef ɗinka.

Hajiya Maman Sadiq: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Abin da ya sa na ce dogon kwano ke nan.

Usta Bala: Alhaji, kullum laifin kafinta ne? Mai gida zai kawo kaya rabi ya ce lallai a gama yau.

Alhaji Tanko: Usta, ai baki gare shi, sai ya faɗa mini. Ban hana shi magana ba.

Ɗan Auta: Yayye, ni nawa mai gangare huɗu ne, lissafin ɗaya ne?

Usta Bala: A'a ƙanena, naka akwai yankan kusurwa, ɓarnarsa ta fi yawa. Kawo awonka daban.

Malam Injiniya: Baban Hauwa, akwai hanyar da za ka rage. Jeri na uku ba ya buƙatar cikakken falle. Abin da ya rage a rufe santimita 63 ne, da haɗi 78. Rabin falle kuwa 90 ne. In an raba falle biyu, ɗaya zai yi aikin wuri biyu. Kowane gefe falle 32 cikakku da 8 da za a raba, 40 ke nan, duka rufin 80, bandir huɗu cif. Rarar santimita 12 ɗin a raba ta ga haɗin biyu, kowanne ya zama 21, ya ma fi. Guntun a sa shi can sama, bakin da aka yanka ya shige ƙarƙashin kwanon da ke rufe ƙoli, don nan ne tsatsa ke fara kamawa. Amma sai an tsara tun kafin a buga katakon kwance, domin kowane haɗi dole ya faɗo a kan katako.

Usta Bala: Lissafi ya yi, Malam, amma 80 cif ban yarda ba. Ban taɓa hawa ginin da kusurwarsa ta fita daidai ko'ina ba, ga wanda zai lanƙwashe wajen ɗauka, ga wanda almakashi zai ci. Ni biyar zan ce ya sayo, a jera cikakku, haɗi ya yi yawa ya fi ya yi kaɗan.

Malam Injiniya: Huɗu da falle biyar a kai sun isa, Usta. Ashirin ya yi yawa a ce rara.

Usta Bala: In mai sayarwa zai fasa masa bandir.

Baban Hauwa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Gobe zan nuna wa kafintan maganar rabin fallen kafin ya buga katako. Shi kwanon ƙolin yana cikin 80 ɗin ne, ko daban ake sayensa?

Usta Bala: Daban ne. Mita 10 za ka rufe, shi ma ka cire haɗinsa.