Alam ɗin rubutun godiya na buga min kullum, ni kuma kashe shi kawai nake yi

Mai tambaya, Kubwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na fara rubuta abubuwan godiya kowane dare, na sa alam ƙarfe goma da rabi, da tambayoyi biyar da nake amsawa a littafi. Da farko har shafi guda nake cikawa. Yanzu yana bugawa sai in kashe in ce bari in ɗan miƙe, sai dai in ji kiran Asuba. A Wuse nake aiki, ga gosulon hanya, ga yara. Lokacin zan canza ko tambayoyin zan rage?

Malamar jinya, Gwarinpa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Duka biyun za ki taɓa, amma fara da lokacin. Goma da rabi ba lokacin rubutu ba ne ga macen da ta tashi tun Asuba, lokacin da jiki ya riga ya sallama ne. Kuma agogo bai san abin da kike ciki ba: yau zai same ki a kicin, gobe kina goyon mai rigima. Ki nemi abin da ba ya wuce ki kowane dare, ki ɗaura rubutun a jikinsa. Ni sallar Isha'i ce. Littafina da biro a cikin sallaya nake naɗe su, ina idar da shafa'i da wuturi, kafin in miƙe, na rubuta. Ki duba ƙarfe nawa kike samun yin Isha'i bayan kin dawo an ci abinci. In wajen tara ne, sa alam tara da kwata, ya zama mai tuni in kin manta, ba shi ne mai ba da umarni ba.

Tambaya kuma ɗaya tak. Ki buɗe alam ɗin, wajen da aka rubuta Label ki sa tambayar kanta, misali: "Wa ya sauƙaƙa min wani abu yau?" Ta haka yana bugawa kin riga kin karanta, kan ki ɗauko biro amsa ta fara zuwa. Amsar layi biyu ce: abin da ya faru, da dalilin da ya sa ya faru. Kar ki rubuta "Alhamdulillah da aikina". Rubuta irin wannan: "Abokiyar aikina ta tsaya ta rage min hanya har Dutse Alhaji. Ta ga hadari ya haɗo ne, ni ban ma roƙe ta ba." Minti biyu ya ishe ki. Layi na biyun nan ba ado ba ne. A gwajin da Martin Seligman da abokan aikinsa suka wallafa a 2005, mutane sun yi mako guda suna rubuta abubuwa uku da suka tafi daidai kowane dare, kowanne da dalilinsa, kuma bayan wata shida ana ganin amfanin, musamman ga waɗanda suka ci gaba don kansu. Uku suka yi, amma ke da kika fito daga biyar kin gaji, fara da ɗaya.

Sai abin da mutane ba sa so su ji: ranar da rubutu ya yi miki daɗi ma, ki tsaya a layi huɗu. Shafin nan guda da kika cika shi ya kashe ki, don ya zama ma'auni. Duk daren da ba ki da ƙarfin cika shafi sai ki ga gara ki bari gaba ɗaya.

Ɗan kasuwa, Zone 4: Hajiya ki daure kwana 21 a jere kawai, daga nan ya zama jiki. Amma kar ki tsallake ko dare ɗaya, in kin tsallake sai ki koma farko. Kuma alam na agogon waya za ki sa. Ni manhajar da na sauke a da, in wayar ta shiga tanadin batir sai saƙon ƙarfe tara ya iso min da safe.

Malamar jinya, Gwarinpa: Alhaji, maganar alam gaskiyarka ce, na agogo ba ya jiran data kuma tanadin batir bai cika danne shi ba. Kwana 21 ne ban yarda ba. Binciken Phillippa Lally a Landan ya bi mutane mako 12, matsakaici ya kai kwana 66 kafin sabon hali ya zama ba sai an yi tunani ba, kuma tazarar ta kama daga kwana 18 har 254. A ciki kuma an ga tsallake rana ɗaya bai rushe komai ba. Komawa farkon nan shi ke sa mutum ya jefar da littafi. Ƙanwata in dare ya wuce ki, kar ki rama, kar ki rubuta na jiya. Sa kwanan watan yau ki ci gaba.

Baba, Mararaba: 'Yata me ya kai ki littafi? Ga tasbihin da Annabi (SAW) ya koya wa Nana Faɗima lokacin kwanciya, 33, 33, 34. Godiya ai ga Allah ake yi, ba ga takarda ba.

Mai tambaya, Kubwa: Baba ina yin azkar ɗina, ban bari ba. Wannan don in riƙa lura ne, don sai mako ya wuce abin da na riƙe kawai wanda ya ɓata min rai.

Matar aure, Lugbe: Ni tawa daban ce. Tambayata ita ce "yaya yau ta kasance?" Wallahi littafin ya koma wajen kai ƙarar dangin miji. In fara da layi biyu, in ƙare ƙarfe sha biyu raina a ɓace, barci ya gudu. Yanzu na daina rubutu da dare sam, da safe nake yi in yara sun tafi makaranta.

Malamar jinya, Gwarinpa: Anti, tambayar ce ba ta da ƙofa, kowa shiga yake. Ta dare a ɗaure ake son ta. In abin da ke hana barci ayyukan gobe ne, a rubuta su daban a bayan littafin. An gwada a jami'ar Baylor a 2018: waɗanda suka yi minti biyar suna jera abin da za su yi a kwanaki masu zuwa sun yi barci kusan minti tara kafin masu rubuta ayyukan da suka riga suka gama. In kuwa damuwa ce ta yi makonni, ba barci ba cin abinci, wannan ta wuce littafi, a ga likita.

Malamin sakandare, Karu: Ni kullum ɗin ce ban gamsu da ita ba. Na karanta aikin Sonja Lyubomirsky, ɗalibai suka yi mako shida, masu lissafa ni'imomi sau ɗaya a mako sun amfana, masu yi sau uku ba su ga canji ba. Abu in ya yi yawa yakan zama hadda. Ni daren Juma'a kaɗai nake yi.

Malamar jinya, Gwarinpa: Malam, akwai wannan, ban musa ba. Sai dai wanda bai saba ba, abin mako-mako saurin ɓace masa yake. Ƙanwata, alamar hadda a fili take: ki buɗe littafin ranar Lahadi, in kin ga "lafiya, yara, aiki" sun jeru dare huɗu, tambayar ta tsufa. Canza Label ɗin, ki bar lokacin yadda yake. "Me na ji tsoro yau da bai faru ba?" tana aiki sosai. In kin canza sau biyu abin bai farfaɗo ba, koma tsarin Malam.

Mai tambaya, Kubwa: Na gode ƙwarai. Na mayar tara da kwata, na sa tambaya ɗaya. Amma Anti, kwanakin da ba na salla fa, da me zan ɗaura shi? Kuma Asabar da Lahadi tun takwas na yi Isha'i.

Matar aure, Lugbe: Ajiye littafin inda kike sa wayarki caji mana. Sai dai in an ɗauke wuta ban san yadda za ki yi ba.