Neman kalma: me za mu kira "riyakshin" na ƙarin jini?

Sista Binta: Assalamu alaikum. Idan ana ƙara wa mutum jini jikinsa ya ƙi, ma'aikata sukan ce "ya yi riyakshin". Ina son kalmar da mai jinya zai ji ya gane. Na ga wasu suna rubuta "borin jini". Ya dace?

Malam Sani (ɗakin gwaji): Wa alaikumus salam, Sista. Borin jini ai yana da mai shi, shi ne ruɗu-ruɗun nan mai ƙaiƙayi da ke fitowa a fata. Ɗaya ne cikin nau'o'in riyakshin ukun da ake yawan magana a kai, kuma galibi shi ne mai sauƙin. In aka yi musu kuɗin goro da wannan suna, ranar da mai kisan ya zo sai a miƙa maganin ƙaiƙayi a ci gaba da ƙarin. Ni dai "ƙin jini" nake ganin ya zama uwa, sauran su zama 'ya'ya.

Dakta Hauwa: Na yarda da uwar. Babban ɗan a kira shi "ƙin jini mai fasa ƙwaya". A ce mai rukunin O aka rataya masa ledar A, don an rikita sunan marasa lafiya biyu. Mai O da ma yana yawo da antibodi, wato sojojin garkuwar jiki, masu yaƙar A da B, irin IgM, ko da ba a taɓa ƙara masa jini ba. Suna kama baƙin jajayen ƙwayoyin sai su tayar da wasu sunadaran garkuwar jiki da ake kira kwamfilimen, su kuma su huda ƙwayar a cikin jijiya. Abin da bai kai cokali biyu ba ma yana iya tayar da shi, shi ya sa ake farawa a hankali, a tsaya a kan mara lafiya minti 15 na farko. Zai ce hannun da aka sa allurar yana masa zafi, ƙugu na ciwo, ga kakkarwa, awon jini, wato BP, ya faɗi, fitsari ya koma ja ko kamar baƙin shayi. Haimogulobin da ya zube da faɗuwar awon jinin su ke kwantar da ƙoda. Wanda ke ƙarƙashin maganin barci a tiyata ba zai yi ƙorafi ba, jan fitsari a jaka da tsattsafar jini a wurin yanka kaɗai za a gani.

Garba: To ai sai mutum ya karɓi na ɗan'uwansa kawai, Dakta. Jini ɗaya ne.

Dakta Hauwa: Malam Garba, uwa ɗaya uba ɗaya ma wa yakan zama A, ƙane O. Gwaji ke raba gardama.

Nas Yusuf: Na biyun "zazzaɓin ƙarin jini" ya ishe shi. Zafin jiki ya hau da digiri 1 ya kai 38, lokacin ƙarin ko cikin awa 4 bayansa. Farasitamol, a ci gaba. Wannan ai ba garkuwar jiki ba ce, ɗumin leda ne.

Malam Sani: Sunan ya yi, Yusuf, amma dalilin bai yi ba. Fararen ƙwayoyin mai bayarwa ne: ko dai sun zubar da saitokain, sinadaran da ke tayar da zazzaɓi, a cikin ledar tana ajiye, ko kuma mai karɓa yana da antibodi a kansu, kamar matar da ta yi haihuwa da yawa ko wanda aka sha yi wa ƙari. Shi ya sa tace fararen kafin ajiya ke rage shi. Kuma kar a yi saurin ci gaba. Mai fasa ƙwaya ma da zazzaɓi yake sallama, haka ledar da bakteriya ta shiga. A rufe jinin, a canza robar, a bar jijiya a buɗe da ruwan gishiri na 0.9%, a gwada sunan da ke hannunsa da na ledar. In akwai shakka a aiko mana da ledar da sabon samfurin jinin mara lafiyar: filasma, wato ruwan jini, ta yi ja, ko gwajin DAT, mai neman antibodi a kan jajayen ƙwayoyi, ya kama su, to ba zazzaɓi ba ne kawai.

Sista Binta: Ke nan na ukun ne zai riƙe "borin jini".

Dakta Hauwa: Ga mai sauƙin, e. Antibodi irin IgE ce ke gane wani sinadari a filasmar mai bayarwa, ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira mast su saki histamin, sinadarin da ke sa ƙaiƙayi, fata ta yi ruɗu-ruɗu, yawanci ba zazzaɓi. A dakata, a ba da antihistamin, in ya lafa ana iya komawa a hankali. Amma in leɓe ya kumbura, murya ta shaƙe, numfashi na fito, wannan adirenalin 0.5 mg ne a tsokar cinya ga babba, kuma ledar ba ta komawa. Wanda ya ji "bori" fata zai duba, ba maƙogwaro ba.

Nas Yusuf: "Bori mai shaƙewa" fa?

Malam Sani: Ya fi babu. Sai dai wani ba ya shaƙewa, awon jininsa ne kawai ke zubewa, sunan bai kama shi ba.

Sista Binta: Na rubuta ukun a ƙarƙashin "ƙin jini". Gurbin sunan borin mai tsanani na bar shi fili, wanda ya samo ya kawo.