Hannun tedina ɗaya ya fi ɗaya hawa, auduga kuma tana leƙowa

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku taimaka min, kaina ya kulle. Yayata ce ta haihu bayan shekara tara tana nema, suna ranar Asabar, ni kuma tun cikin yana wata shida na yi mata alkawarin tedi na saƙar kwarashi, har na faɗa a gaban dangin mijinta. Na saƙa kai da jiki da hannuwa da ƙafafu da ulu ruwan ƙasa mai duhu, kowanne shi kaɗai gwanin kyau. Amma da na ɗinka hannuwan sai na dama ya hau sama ya leƙo gaba, na hagu ya koma baya. Sau uku ina warwarewa, har zaren ya fara tashi. Ga farar auduga tana leƙowa ta wajen ɗinkin. Me nake yi ba daidai ba?

Ummu Sultan:
Wa alaikumus salam. Allah ya raya. Ni dai bindigar gam nake sawa, minti biyu an gama.

Hajiya Mai Saƙa:
Gam a kayan jariri? Ummu Sultan ki ji tsoron Allah. Wanki biyu zai ɓanɓare, yaro kuma komai baki yake kaiwa. Maman Ilham, ba ki gaya mana abin da ake buƙata ba. Kwarashi lamba nawa? Idon saƙa nawa ne a layin da kike ɗora hannun, ido nawa ne a bakin hannun? Kuma kin kafe su da fil kafin ki ɗinka, ko da ido kawai kike aunawa?

Maman Ilham:
Hajiya kwarashi mai 4 ne, shi aka rubuta a jikin takardar ulun. Layin kafaɗa ido 24, bakin hannu ido 10. Fil kam ban sa ba, amma ina da ido sosai, na shekara biyar ina saƙa huluna da safar jarirai, ba wanda ya taɓa dawo min da kaya.

Hajiya Mai Saƙa:
To ga matsalarki ta farko nan. Lambar da ke jikin takarda ta hula ce da rigar sanyi, inda ake son saƙa ta yi laushi ta saki. Abin da za a cusa wa auduga saƙarsa matsattsiya ake so. Ulun da aka rubuta wa 4, ni da mai 3 nake saƙa shi, wani lokacin ma 2.5. Ki ɗaga jikin tedin saitin taga ki ɗan ja shi da yatsu. In kina hango fari ta tsakanin idanun, to ba ɗinkinki ne kaɗai ke da laifi ba, saƙar ce ta yi sako-sako.

Hannu kuma lissafi ne, ba kaifin ido ba. Ki cusa auduga a ƙasan hannun kawai, kamar kashi biyu cikin uku, ki bar saman ba komai. Ki matse bakin ya kwanta, idanu 10 ɗin nan su zama biyar a kan biyar, ki bi su da saƙa ki rufe. Yanzu kowane hannu faɗinsa ido 5 ne, kuma babu ƙofar da auduga za ta fito, tunda kin kulle ta ciki tun kafin ki ɗauki allura. Hannu biyu sun cinye ido 10 cikin 24, saura 14. In kin raba bakwai gaba bakwai baya, hannuwan za su tsaya a gefe sak kamar ɗan sanda mai ba da hannu. Ni shida nake bari a ƙirji, takwas a baya, sai su ɗan rungumo ciki.

Tsakiyar ƙirji kuma daga fuska za ki samo ta. Ki ɗauki zare mai wani launi, ki zura shi daga tsakanin idanuwan tedin, ta kan hanci, ya sauko har gindi. Daga wannan zaren ki ƙirga ido uku dama ki soka fil, uku hagu ki soka fil. Nan bakin kowane hannu zai fara.

Maman Ilham:
Ai na ƙirga Hajiya. Daga zaren alamar farkon layi na ƙirga, na ƙafafu da na hannuwa duka.

Hajiya Mai Saƙa:
Shi ya sa suka karkace. Wannan alamar ba a miƙe take hawa ba. Saƙar da ake zagayawa ba a rufe layi, kowane ido yana ɗan kwantawa gefe a kan na ƙasansa, ga ƙari da ragi suna ture shi. Ki duba bayan tedinki, za ki ga alamar ta tafi a karkace. In kin ƙirga ƙafa daga alamar a can ƙasa, kika ƙirga hannu daga ita a can sama, to kafaɗa da ƙugu ba za su kalli waje ɗaya ba, fuska kuma tana kallon nata wajen daban.

Anti Rabi:
Gaskiyar Hajiya a kan alamar. Amma ni ban yarda a rufe bakin hannu a kowane abu ba. Hannu ya yi, ƙafar tedi mai zama kuwa in kika matse ta sai ta zama kamar silifa. Ƙafa a buɗe nake ɗinka ta, zagaye a kan zagaye. Ina cika ta amma ban kai baki ba, in soka fil huɗu, sama da ƙasa da gefe biyu, in fara ɗinki. Idan saura ido uku ko huɗu in rufe, sai in ƙara 'yar auduga da bayan kwarashi in tura ta can ciki, sannan in ƙarasa. Haka mahaɗar ba ta lanƙwashewa, allura kuma ba ta jawo farin zare-zaren nan waje. Kuma kafin ki ɗinka ko ɗaya, ki zaunar da shi a kan tebur da fil ɗinsa ki sake shi. In ya kife gaba, ƙafafun sun yi baya da yawa.

Hajiya Mai Saƙa:
Ƙafa ba ta tambaya ba Rabi, hannu ta tambaya.

Anti Rabi:
Za ta iso kansu ai, gara ta ji tun yanzu.

Maman Twins:
Ni wannan magana ma tayar min da tsohon miki ta yi. Wata ta sa na saƙa mata zomo, kwana tara ina kansa, idona har ruwa yake. Da ta zo karɓa sai ta ce kunne ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ta yanke rabin kuɗin. Bayan sati na gan shi a hoton 'yarta, an rubuta wai daga waje aka kawo. Tun ranar sai an ba ni rabi nake taɓa zare.

Ummu Sultan:
Mutane sai Allah. Ni ma akwai mai riƙe min kuɗin jaka tun azumi.

Maman Ilham:
Allah ya saka muku. Amma Hajiya ni fa ba zan iya sake saƙa jikin da ƙaramin kwarashi ba, yau Laraba. Kuma ulun ya kusa ƙarewa, na je Sabon Gari ban samu irin launin ba. Sannan ni ina ganin audugar ce ba ta da kyau, daga tsohon filo na ciro ta.

Zee Kaduna:
Anti ta filo ba ta da laifi in kin wanke ta, ta bushe, kin yagalgala ta da hannu ta tashi. In a dunƙule kika cusa ta, shi ma yana sa gefe ɗaya na jiki ya fi kumbura, sai hannun wannan gefen ya ɗago. Tunda ba za ki sake saƙa ba, ki samu baƙar safa siririya ta mata, ki zuba audugar a ciki ki ɗaure, sannan ki sa a jikin. Ko ramin ya buɗe duhu za a gani. Cikin hannuwa kuma guntayen ulun da kika warware ma sun isa.

Maman Ilham:
Na riga na ɗinke kai da jiki Zee. In farke wuya kuma?

Zee Kaduna:
Au, to ban san kin haɗe ba.

Hajiya Mai Saƙa:
Ki farke. Ɗinkin wuya na minti goma ne. Ki saurare ni kan yadda ake soka allurar, don a nan ma ana ɓata aiki. Allura mai dakushin baki za ki nema, mai tsini tana tsaga ulu. Ki yi amfani da jelar zaren da kika bari a hannun, ya kai tsawon kamu biyu. Ki shiga ƙarƙashin ido ɗaya na jiki ki fito, ki ɗauki ido ɗaya na hannun da madaukansa biyu, ki koma na gaba. Ɗaya da ɗaya, a ramin layi guda, kada ki tsallaka sama ko ƙasa. Allurar ta bi ƙarƙashin saƙa kawai, in kika nutsa ta cikin auduga ita ce ke fitowa da fari. Ki ja zaren ya kama, amma ba har jikin ya tattare ba, jan da ya yi yawa shi ke buɗe ramukan da ke gefen ɗinki.

Wani abu da mutane ba sa lura: duka hannuwan daga gaba ki fara ki nufi baya. In kika ɗinka na dama daga gaba zuwa baya, kika juya tedin kika ɗinka na hagu daga baya zuwa gaba don ya fi miki daɗin riƙo, kowanne zai ɗan ja zuwa inda kika nufa. Ina zargin abin da ya faru da ke ke nan. Kuma kada ki ƙulle na farko sai kin ɗinka na biyu kin duba. In sun yi, ki fito da jelar biyu ta rami ɗaya a baya, ki ƙulle su tare, ki tura ƙullin ciki.

Anti Rabi:
Ki ɗauke shi hoto a waya daga gaba kafin ki ƙulle, hoto yana tona karkatar da ido ya saba da ita. Amma kada ki kashe kanki. Tunda saƙar a zagaye take hawa, gefe ɗaya na layi yana ɗan fin ɗayan tudu, ko a layi ɗaya kika ɗora su za ki ga ɗan bambanci.

Hajiya Mai Saƙa:
Wannan bambancin bai kai rabin ido ba, ba shi ya ɗaga mata hannu ba.

Ummu Sultan:
To ko ta sa maɓalli a kafaɗun ta zura zare ta cikin jiki? Hannun har motsi yake, kuma dole su daidaita.

Hajiya Mai Saƙa:
Jariri ne fa. Babu maɓalli, babu dutsen ado. Idanun tedin ma da fatan da zare kika yi su.

Maman Ilham:
Na roba ne masu makulli ta baya, mai shagon ya ce ba sa cirewa. Na gode muku duka. Na gwada fil ɗin yanzu, shida a gaba takwas a baya, ya ɗan fi, amma ni har yanzu na dama nake gani a sama. Wuyan kam ba zan farke ba gaskiya, tsoro nake kada kan ma ya karkace. Ina tunanin in saƙa masa 'yar riga ja ta rufe kafaɗun.

Hajiya Mai Saƙa:
A saƙa mai sako-sako irin taki waɗannan idanun suna iya zamewa ta rami da makullinsu. Ki farke wuyan ki cire su, ki sa safar, aiki ɗaya ne.

Maman Twins:
Rigar za ta yi kyau wallahi. Ja a kan ruwan ƙasa.

Maman Ilham:
Akwai wadda ta san ido nawa zan fara rigar da shi?