Neman kalmar Hausa: metastabiliti da lissafin MTBF

Malamar Lantarki: Assalamu alaikum. Gobe Talata zan koyar da sinkuronaiza, wato filif-filof biyu a jere masu karɓar saƙo daga wani agogo daban. Filif-filof shi ne ɗan da'irar da ke kama 0 ko 1 a kowane bugun agogo ya riƙe. Me zan kira metastabiliti da MTBF? Ga lissafin, inda tr shi ne lokacin da aka bar wa filif-filof ya daidaita, τ ma'aunin lokacin da daidaituwarsa ke ci, Tw ɗan lokacin da canjin saƙo ke iya rikita shi, fclk saurin agogo, fdata kuma yawan canjawar saƙo:

```
MTBF = e^(tr/τ) / (Tw × fclk × fdata)
```

Ɗan Sabon Gari: Wa alaikumus salam. MTBF ai tsawon ran na'ura ne kafin ta lalace. Ki sa "wa'adin lalacewa".

Injiniya: A nan ba abin da ke lalacewa, ɗan'uwa. Saƙo ne ke canjawa daidai lokacin bugun agogo, sai filif-filof na farko ya tsaya tsakanin 0 da 1, ya rasa inda zai faɗa. In bai faɗa ba har na biyu ya karanta shi, an samu tangarɗa. Malama, ki ce "matsakaicin tazara tsakanin tangarɗa". Metastabiliti kuwa "tangal-tangal", kamar tulu a kan gammo.

Baba Mai Ƙamus: Tangal-tangal ba ta dace da allon jami'a ba. Ni "ɗimuwa" na zaɓa. Kuma "agogo" ma aron Yarabanci ce, a ce "sa'a".

Ɗan Sabon Gari: Baba, sa'a ba Larabci ba ce?

Baba Mai Ƙamus: Wannan ta daɗe da zama 'yar gida.

Malamar Lantarki: Allah ya huci zuciyar Baba, lokaci ya ƙure mini. Injiniya, in an ninka saurin agogo, tazarar rabi take komawa? Haka ɗalibaina za su zata.

Injiniya: Ina ma rabi ne. Mu ƙaddara τ 0.2 ns ne, Tw 0.1 ns, saƙon kuma yana canjawa sau miliyan a daƙiƙa. A 100 MHz tsakanin bugu da bugu 10 ns ne. Cire 1 ns na jinkiri, tr ya zama 9 ns, wato e^45 a sama, 10,000 a ƙasa. Tazarar ta haura shekara miliyan 100. A 200 MHz tr ya dawo 4 ns, wato e^20, a raba da 20,000, abin da ya rage bai kai awa bakwai ba. Na ƙasan sau biyu kawai ya ƙaru, lokacin da aka bar wa tulun ya daidaita shi ne aka yanke. Ki ƙara filif-filof na uku, tr ya kusa 8 ns, a koma shekara dubu ɗari uku da ɗoriya, amma saƙon zai makara da bugu ɗaya.

Baba Mai Ƙamus: To tr ɗin a kira shi "lokacin farfaɗowa", tunda ɗimuwa aka yi.

Malamar Lantarki: Na ɗauki tazara tsakanin tangarɗa, da tangal-tangal. Na tr "lokacin natsuwa" zan rubuta a allo.

Baba Mai Ƙamus: Natsuwa na yarda. Tangal-tangal dai har yanzu ban sa hannu ba.