Darasin ƙirga da waƙa ga 'yan shekara 4: yaya zan raba minti 30?

Maman Ilham: Assalamu alaikum malamai. Yara 35 ne, 'yan shekara 4, aji matsattse da benci. Ƙirga 1 zuwa 5 zan koyar ranar Litinin. In yi duka darasin da waƙa, ko in raba?

Malama Babba: Wa'alaikumus salam. Ki raba. Minti 5 na farko waƙar da suka riga suka sani, don su nutsu. Sai minti 10 na sabuwar waƙa, kina bayarwa suna amshi, baiti biyu kacal. Amma ki kula da tafi. Daga ɗaya har goma kowace lamba gaɓa biyu ce: ɗa-ya, bi-yu, u-ku. Yaro zai tafa sau biyu a lamba guda, gobe in kin ba shi abu ya ƙirga sai ya taɓa biyu yana cewa "ɗaya". Ki sa su yi tsalle guda a kowace lamba, ki ja waƙar a hankali har ƙafa ta dira. Sauran lokacin a zauna, kowa da murfin kwalba biyar.

Abban Sadik: Ki fitar da su fili su yi da'ira, ki kai su har 20. Yara akwai kama waƙa.

Malama Babba: Kama waƙa daban, ƙirga daban, Malam. Ki ajiye murfi uku gaban yaro, ya ƙirga, ki ce "nawa ne?" In ya ce uku, ya gane. In ya koma ya faro daga ɗaya, hadda ce kawai.

Anti Zee: Da ƙwallon dabino ma ana yi, ga shi kyauta.

Ummu Hanif: Don Allah kar a soma! A makarantar da na bari wata yarinya ta cusa ƙwallon a hanci, sai asibiti. Mai makarantar ya cire kuɗin daga albashina, alhali shi ya hana sayen kayan aiki. Murfin ma ki ƙirga shi kafin ki raba, ki ƙirga bayan kin tattara.

Maman Ilham: Subhanallahi. To in ture bencin in shimfiɗa tabarma? Nawa take yanzu?

Anti Zee: Babbar ta roba 5,000 ce.

Abban Sadik: Anti, ko tabarmar bara kike nufi? Ƙasa da 9,000 ba za ki samu ba.

Ummu Hanif: Wanda bai taɓa riƙe ajin 'yan nazire ba ya bari masu yi su yi magana.

Abban Sadik: Ai firamare 1 wurinmu suke zuwa, mu ke ganin abin da aka koya musu.

Anti Zee: Ni damuwata iyaye. In littafi ya koma gida ba rubutu sai a ce wasa ake yi. Wasu kuma ba sa son jin waƙar Hausa, sai ta Turanci, yaro na rerawa bai san me yake faɗi ba.

Maman Ilham: Namu ma mai makarantar ya ce kullum a cika shafi. Ta ina zan matso minti 10 na rubutun?