Kadara a farashin saye ko na gwanjo?

Jama'a, ku taimaka, na makale. Ina haɗa rahoton kuɗi na ƙarshen shekara na wani ƙaramin kamfanin casar shinkafa. Shekara 2 ke nan ana asara, albashi na jinkiri, kuma bashin banki na naira miliyan 40 zai cika nan da wata 5. Kuɗin hannu da haja ba su wuce miliyan 15 ba.

Maigidan ya ce banki zai ɗaga masa ƙafa, amma da baki kawai, babu takarda. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Shin in ci gaba da ɗauka cewa kamfanin zai kai wata 12 masu zuwa yana aiki, in bar injuna a farashin saye bayan cire tsufa, in bayyana shakkun a bayanan da ke ƙasan rahoton? Ko kuwa sai in mayar da su farashin da za a samu in an karyar?